Hitar Hajiya Talatu

Hajiya Talatu ta tare su tun a zaure, kafin Malam Habu ya gama jingine babur.

"Malam, ku kuka san kan abin nan. 'Yata tana jego, ga sanyin nan na Zariya, hita kuma ta zame mana bala'i. Ko dai ruwa ya fito da tururi kamar zai saɓule fata, ko kuma ta mutu gaba ɗaya sai an danna wani jan maɓalli."

"Wa ya taɓa ta a baya, Hajiya?"

"Wani yaro ne ya canja mata elemen wancan watan."

Malam Habu ya ce "to", ya miƙa wa Sadiku jakar kayan aiki. Hitar tana rataye a bangon banɗaki, mai cin lita 50, elemen ɗinta wat 1500. Ya dube ta sau ɗaya, ya ce zai leƙa Samaru ya karɓo wata waya, Sadiku ya fara.

Sadiku ya kusa shekara a shagon. Hannunsa ya faɗa a haɗa waya, ba ya barin tsirara ko ɗaya, amma tamostat bai taɓa shiga kansa ba. A ajin yamma da yake zuwa, malaminsu ya sha zana akwatuna uku a allo da wata kibiya da take baro ƙarshe ta koma farko, ya ce wannan shi ne fidbak. Sadiku ya kwafe zanen tsaf, har ya ci maki a kansa. A zuciyarsa kuwa, abin murɗawar da ke jikin hita ɗan'uwan na fanka ne: ka ƙara lamba wuta ta ƙaru, ka rage ta ragu.

Don haka ya danna jan maɓallin, ya murɗa lambar zuwa 40, ya maƙala mitarsa a wayar wuta. Amfiya 6 da 'yan kai. Ya mayar 70. Allura ba ta motsa ba. Ya sauke har 30, ita ce dai amfiya 6 ɗin. Ya yi tsaki.

Da Malam Habu ya dawo, Sadiku ya riga ya yanke hukunci.

"Oga, tamostat ɗin ya mutu. Duk inda na murɗa wutar da take sha ɗaya ce. Sabo za a saya."

"Da kuɗin wa?" Malam Habu ya zauna a bakin baho. "Kashe wutar daga suwic, ka gwada da testa, sannan ka buɗe murfin ƙasan."

Ya kashe, ya gwada, ya kwance sukurori huɗu. A ciki ga ƙafafun elemen, ga ɗan akwatin tamostat, ga kuma wata siririyar jar waya da ta fito daga akwatin, an naɗe ta, a bakinta wani ɗan dogon ƙarfe mai kaurin fensir. Yana nan yana reto a iska, an cusa shi bayan wayoyi don murfi ya rufu. Kusa da elemen akwai wani rami siriri da ya shige cikin tanki, ba kome a cikinsa.

"Hajiya," Malam Habu ya ɗaga murya, "a taimaka mana da ruwan zafi na fulas a kofi."

Ya sa Sadiku ya cire wayoyin da ke kan tamostat, ya ɗora bakunan mita a ƙafafunsa biyu. Mita ta kama kuka, alamar hanya a buɗe take. Ya ce ya saita 50, ya tsoma ƙarfen a kofi.

Sadiku ya tsoma. Shiru na ɗan lokaci, sai ƙas, mita ta yi tsit.

"Fito da shi."

Ya fito da shi yana ɗiga, ya riƙe. Ya ƙirga a ransa har ya gaji, sai ƙas, mita ta koma kuka. Bai jira umarni ba ya sake tsomawa. Ya sake fitarwa. A karo na uku ya murɗa lambar zuwa 75 tukuna, ya tsoma a ruwan da ya fara hucewa, ya jira, ya jira, ba ƙas ba dalilinsa. Ya soma rage lambar a hankali ƙarfen yana cikin ruwa, yana isowa wajen 60 abin ya ɗauke.

Ya ɗago kai.

"Oga, ashe lambar nan ba wuta take ƙarawa ba."

"Me take yi?"

"Gaya masa take inda zai tsaya. Elemen bai san rabi ba, ko ya ci wuta duka ko ya daina. Shi yake dafa ruwa, ruwan kuma shi yake dawowa ya kashe shi ta wannan ƙarfen." Ya dubi ramin da ke kusa da elemen. "Wancan yaron ya bar shi a waje. Iskar banɗaki yake ji, kullum ce masa ake ruwa da sanyi, shi ya sa ba ya yankewa sai suwic na tsaro, mai jan maɓallin nan, ya faɗi."

"Wayar nan da kake gani bututu ce, akwai ruwa a ciki," in ji Malam Habu. "Zafi ya kumbura shi, ya tura suwic. Idan ka lanƙwasa ta ta karye, to a nan ne za a sayi sabo, kuma daga kuɗin abincinka."

Sadiku bai ma ji barazanar ba. Innarsa ya tuno a bakin murhu tana haɗa wa ƙannensa ruwan wanka: ta tsoma hannu, ta janye itace ɗaya, can ta sake tsomawa, ta mayar. Wannan ce kibiyar da ke komawa baya a allo.

Ya warware bututun a hankali, ya zura ƙarfen cikin raminsa har ƙarshe, ya mayar da wayoyi da murfi. Suka zubar da ruwan zafin da ke ciki, tanki ya cika da na sanyi, sannan ya kunna a kan 60. Lita 50 a wat 1500 sai ta ci kusan awa ɗaya da rabi, don haka suka yi azahar, Hajiya ta aiko da shinkafa da wake.

Da hitar ta yanke, Sadiku ya tari ruwa a kofi ya sa ma'aunin zafi: 56. Ya ƙara lambar, minti biyu ya auna, bai ga canji ba, ya kai hannu zai sake ƙarawa. Malam Habu ya buge hannun.

"Ka yi tambaya, ka jira amsa mana."

Ya jira har ta yanke, ya auna: 60. Sai ya buɗe famfo ya cika bokiti, ruwan sanyi ya shiga ta ƙasan tanki, bayan ɗan jinkiri fitila ta kama da kanta.

"Me ya sa ba ta kamawa da ya sauka 59?"

"Da haka aka yi ta, da kwana za ta yi tana ƙas-ƙas har bakin suwic ya ƙone. Da gangan aka bar tazarar."

Hajiya Talatu ta leƙo. "Ku kai min ita ƙarshe, mai jego ruwa mai zafi sosai take so, kuma ya yi sauri."

Malam Habu ya yi kamar bai ji ba, yana tattara sukundireba. Sadiku ya ɗan rusuna.

"Hajiya, ko an kai ƙarshe ba zai yi sauri ba, daɗewa kawai za ta yi tana shan wuta. A 60 ɗin ma sai an sirka, yana ƙona fata, balle ta jariri. A dai kunna ta tun kafin asuba."

Ta dubi Malam Habu.

"Abin da ya faɗa ne, Hajiya. Kuɗin aiki kawai za ki ba da, ba mu sayi kome ba."