Saƙon murya ga Baba: karanta rubutun talabijin da waya

Assalamu alaikum Baba, barka da yamma. Ya jikin, ya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Umma ta ce tun jiya Walid ya daddanna rimot, talabijin ɗinka ta koma rubutun Sinanci, har labaran ƙarfe tara ba ka samu ka kalla ba. Ka kwantar da hankalinka, ba lalacewa ta yi ba, harshenta kawai aka canza, kuma wayar da ke hannunka za ta karanta maka. Ka saurari saƙon nan har ƙarshe tukuna, sannan ka sake kunna shi, kana yi kana tsayar da shi.

Da farko ka sa tabarau, ka kunna data. Ka kuma goge gilashin kyamarar da ke bayan waya da bakin riga, don na lura yakan yi maiƙo, in ya yi dishi-dishi ba za ta gane rubutu ba.

To, ka duba kusa da WhatsApp, inda na ajiye maka lokacin da na zo hutun Babbar Salla. Akwai wani ɗan hoto shuɗi mai farin harafin G, ƙarƙashinsa an rubuta Translate. Ka taɓa shi sau ɗaya a hankali. Kada ka danne shi ka riƙe, in ka riƙe wani abu daban zai fito. Idan ya buɗe, wajen ƙasa za ka ga sunayen harsuna 2 a jere. Na hagu shi ne harshen da ba ka ji, ka bar shi a kan Detect language, wato ta gano da kanta. Na dama ya zama Hausa. Haka na bar su, amma in yara sun taɓa, ka danna na daman, ka ja jerin har ka kai kan Hausa, ka zaɓa.

Can ƙasa ta hannun dama akwai hoton kyamara, an rubuta Camera. Danna shi. Wataƙila ta tambaye ka izini da Turanci, sai ka zaɓi While using the app. Wannan izinin amfani da kyamara ne kawai, Baba, ba kuɗi za a cire maka ba, ba kuma wanda zai tambaye ka lambar sirrin banki. In ka ga an tambaya, ka fita ka kira ni.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi nutsuwa. Ka ja labulen tagar nan ta yamma, saboda hasken rana yana dukan fuskar talabijin, kyamara sai ta riƙa ganin ƙyalli maimakon rubutu. Ka zauna daidai saitinta, kada ka karkace, ka matso kamar taku 2. Ka riƙe wayar da hannu biyu, ka dafa gwiwar hannunka a hannun kujera don kada ta yi rawa. Ka saita ta yadda rubutun zai cika fuskar wayar, sannan ka ɗan jira kamar ka ƙirga biyar. Za ka ga Sinancin ya gushe, Hausa ta hau gurbinsa. A cikin waya kaɗai hakan ke faruwa, in ka ɗaga kai ka kalli talabijin za ka tarar tana nan yadda take. Kada ka ce bai yi ba.

In kalmomin suna ta tsalle suna sauyawa, hannu ne ke motsi. Ka danna babbar da'irar nan da ke ƙasa a tsakiya, za ta ɗauki hoto, rubutun ya tsaya cak, ka karanta a tsanake.

Hausarta ba irin tamu ta gida ba ce, wani lokaci takan yi gwaranci, don haka ma'ana za ka bi. Ka danna maɓallin rimot mai hoton ƙaramin giya mai haƙora, ko wanda aka rubuta Menu, sai ka haska jerin da ya fito. Abin da muke nema shi ne inda ta ce Saituna ko Tsari, a cikinsa kuma inda ta ce Harshe ko Yare. Duk shafin da ya buɗe, ka haska ka karanta kafin ka danna komai. In ka shiga Harshe, yawanci za ka ga English da haruffan boko, sai ka sauko kansa ka danna OK.

Abu ɗaya nake roƙonka, Baba. In ka ga ta rubuta wani abu kamar sake saiti, ko mayarwa yadda ta fito daga masana'anta, kada ka taɓa, zai goge duk tashoshinka.

In ka maƙale, ka ɗauki hoton talabijin ɗin ka turo mini, ina gida bayan Magariba, sai mu bi tare. Walid kuma a yi masa haƙuri, yaro ne. A gaida Umma da kyau. Allah ya ƙara girma, Baba.