Jadawalin Bita da Jerin Darussa na 'Yan Aji Shida, Ɓangaren Kimiyya

Ɗalibaina, saura mako takwas mu shiga WAEC a watan Mayu, NECO kuma tana biye daga Yuni zuwa Yuli. Ku liƙa wannan takarda a bangon ɗaki, inda ido zai riƙa faɗa mata kullum.

Duk ɗalibin kimiyya mai son shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko wata jami'a, sai da kiredit biyar, wato daga A1 zuwa C6, kuma dole Ingilishi da Lissafi su kasance a ciki. Na sha ganin yaro ya ci bakwai, D7 guda a Lissafi ta zaunar da shi gida shekara. Abin yana ci mini rai. Shi ya sa darussan nan biyu suka fi kowane yawan fitowa a jadawalin.

JADAWALIN MAKO

Bayan Asuba, 6:00 zuwa 6:45, Litinin zuwa Juma'a: Lissafi, tambaya biyar daga tsofaffin takardun jarrabawa. Lokacin ƙwaƙwalwa a huce take, zafi bai taso ba. Waɗanda ke tahowa daga Samaru ko Kwangila su fara da ƙarfe 5:45 saboda hanya.

Bayan Azahar kada ku tilasta wa kanku. Zafin Afrilu a Zariya ba ya barin karatu ya zauna. A ci abinci, a ɗan kwanta, a tafi Islamiyya.

Bayan Isha, 8:30 zuwa 10:00: rabin awa na farko na Ingilishi ne, sauran awa guda kuma:
- Litinin: Fiziks
- Talata: Kemistiri
- Laraba: Bayoloji
- Alhamis: Hausa da Darasin Addini
- Juma'a: Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, sai Noma

Asabar, 9:00 zuwa 12:00 a makaranta: gwajin jarrabawa da agogo, ba duba littafi. Lahadi hutu ce, sai dai gyaran abin da aka faɗi ranar Asabar. A yi cajin fitila da rana, rashin wuta ba uzuri ba ne.

Mako na 1 zuwa na 5 a zagaye darussan da ke ƙasa. Na 6 da na 7 na tsofaffin tambayoyi ne zalla. A na 8 ba a buɗe sabon babi.

JERIN DARUSSA

Sharaɗi guda ne: kada ka sa wa darasi maki don kawai ka karanta shi. Sai ka rufe littafi ka amsa tambaya uku a kansa daidai.

Lissafi. Takarda ta ɗaya tambaya 50 ce ta zaɓi, ta biyu kuma 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, wato minti 15 ke nan kowace tambaya.
- Logaridim da ƙa'idojinsa
- Aljebra, musamman wannan:

```
x = (-b ± √(b² - 4ac)) / 2a
```

- Zana giraf da karanta shi
- Ƙa'idojin da'ira da kusurwa
- Tirigonometiri da gano nisa da alkibla
- Ƙididdiga da lissafin yiwuwa

Ku rubuta kowane mataki. Mai maki yana ba da lada a kan hanyar da aka bi ko da amsar ƙarshe ta kauce. Wanda ya ajiye amsa tsirara shi ya cuci kansa.

Ingilishi. Insha'i na kalma 450 sau ɗaya a mako, ku kawo mini ranar Litinin: wasiƙar hukuma, wasiƙar zumunci, jawabi, muhawara, labari. Sai auna fahimta da taƙaitawa. A taƙaitawa ne kuka fi zubar da maki, don kuna kwafo jimlolin marubuci yadda suke. Ku faɗi abin da kalmominku, a cikakkiyar jimla. Gwajin furuci kuma, a kula da bambancin /p/ da /f/, inda mu Hausawa muka fi tuntuɓe.

Fiziks: motsi, zafi, haske da madubi, lantarki, da gwajin lilo.
Kemistiri: lissafin mol, daidaita ikweshan, taitireshan, gano gishiri, sinadaran kabon.
Bayoloji: ƙwayar halitta, gado, muhalli, zane da fensir mai tsini tare da sunayen sassa.

Hausa kada ku raina ta don kun tashi da ita. Jin Hausa daban, nahawu daban. A bi tsarin sauti, ginin kalma, ƙa'idojin rubutu, fassara, al'adu da littattafan da aka zaɓa. Wanda ba ya sa lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ zai ga sakamakon a makinsa.

'Yan matan da aikin gida ke cinye musu dare su nuna wa iyaye wannan takarda, in ta kama in je da kaina in yi magana, zan je. Ranar Asabar kowa ya zo da kalkuleta, akwatin kayan lissafi da takardar giraf. Da Lissafi za mu fara.

Malamin ajinku