Tsarin Darasi: Goge Abu Daga Hoto da Manhajar Snapseed

Aji: Turwaziyem, wato shekara ta huɗu ta sakandare, ɗalibai 48, wata sakandare a Garwa, Kamaru
Lokaci: Laraba da yamma, minti 60
Kayan aiki: wayoyi 8 da malamai suka ara mana da izinin shugaban makaranta, allo da alli

Manufa: kowane ɗalibi ya goge ƙaramin abu ɗaya da yatsansa, ya kuma iya faɗin daga ina manhajar ta samo abin da ta cike gurbin.

Shiri: Snapseed ta Google ce, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Zan sauke ta tun ranar Talata, in cika batura saboda ɗaukewar wuta. Kowace waya na ɗauke da hotuna uku da na ɗauka: baƙar leda a kan yashin bakin kogin Binuwai, wayar lantarki da ta ratsa sararin sama, da akuya a jikin katangar bulo.

Buɗewa, minti 8: in zaga da hoton leda kafin gyara da bayansa, in tambaya: ina ledar ta tafi? In rubuta amsoshinsu a allo.

Nuni, minti 12: wayoyinmu na Faransanci ne, sai a danna Ouvrir, a zaɓi hoto, a shiga Outils, a taɓa Correction. A wayar Ingilishi sunanta Healing. A buɗe hoton da yatsu biyu har ledar ta yi girma, sannan a riƙa taɓa ta kaɗan-kaɗan. Manhajar ba ta san abin da ke bayan ledar ba, yashin gefenta take kwafowa ta liƙa a wurin.

Aiki, minti 28: rukuni takwas, mutum shida-shida, waya na zagayawa duk minti huɗu. Zan sa ido sosai kada maza su riƙe ta 'yan mata su koma 'yan kallo. Leda da wayar lantarki za su fita cikin sauƙi. Akuyar ce darasin gaske, da gangan na sa ta: layukan bulo za su karkace, wani lokaci ƙafarta ta sake fitowa a wani wuri. Kada malami ya gyara musu. Su koma baya da kibiyar sokewa, su ƙara girman hoton, su rage faɗin shafa. Da sun gamsu, su danna alamar amincewa, sai Exporter, su ajiye kwafi, hoton asali ya zauna yadda yake.

Amana, minti 7: ba a taɓa takardar sakamako, katin shaida ko rasit. Ba a cire mutum daga hoto sai ya yarda. Tambaya gare su: wanda ya goge tsagewar allon waya a hoto don ya sayar da ita, me ya aikata?

Aunawa, minti 5: kowane rukuni ya ɗaga hoton akuya, ɗalibin da na nuna ya faɗi abin da ya sa bulo ya fi yashi wuya.