Masar Inna Rabi ta Ƙofar Ƙaura: rubutun bidiyon talla na daƙiƙa 75

Wurin ɗauka: rumfar Inna Rabi, Ƙofar Ƙaura, Katsina. Ranar Asabar, daga ƙarfe 7:00 zuwa 8:15 na safe, cikin hunturu.
Masu fitowa: Inna Rabi a bakin tanda, jikarta Bilki mai zuba miya, da Malam Sada tela, wanda kullum nan yake karyawa.
Murya: namiji ɗaya, Bakatsine, ya yi magana a natse kamar yana gaya wa abokinsa inda zai karya kumallo.

Kafin a kunna waya

A tsaye za a ɗauka, 9:16, a saita 1080p da 60fps domin a iya rage gudun hoton daga baya. Da hasken rana kaɗai za a yi aiki. Ƙwan lantarki yakan sa hoto ya riƙa ƙyafƙyafta a wannan saiti, kuma yana mayar da farar masa ruwan ɗorawa. A juya murhu yadda rana za ta fito ta bayan tanda, ɗan gefe kaɗan, a rataya baƙin zane a bangon da waya ke kallo. Tururi ba ya fitowa a gaban farin bango; sai haske ya ratsa shi ta baya, duhu kuma ya tare shi, sannan ido ke ganinsa. Sanyin safiya zai ƙara masa kauri, shi ya sa aka zaɓi wannan lokaci.

A ware ƙullun ɗauka daban: shinkafar tuwo gwangwani 4 da ta kwana a jiƙe, da rabin gwangwani da aka dafa ya yi luguf, a markaɗa tare da albasa ɗaya, a sa yis ƙaramin cokali 1. A kwaɓa tun da dare a rufe a ajiye cikin ɗaki, don sanyi na hana shi tashi da wuri. Gishiri da sukari sai da safe.

Fitowa ta 1 (0:00 zuwa 0:04)

HOTO: Gurbin tanda ɗaya ya cika fuskar waya. Mai yana sheƙi a ciki. Ludayi ya shigo daga sama, ƙullu ya zuba, bakinsa ya fara ƙananan kumfa.
SAUTI: Cuuuu! Shi kaɗai. Babu kiɗa, babu magana, babu sallama.

Wannan ƙara ita ce ƙugiyar bidiyon duka. Mai kallo yana jan yatsa ne a kan waya, idan daƙiƙa biyu suka wuce bai ji abin da ya tsayar da shi ba, ya tafi. Kada a ɗauki zubin farko. Tanda ba ta gama ɗaukar zafi ba, masar kan fito fara fat, ta kama, ƙarar kuma ba ta da ƙarfi. A jira zubi na uku. Waya ta tsaya nesa da tanda kamar kamu ɗaya da rabi, a danna 2x, domin idan aka matso da ita sosai mai zai fantsama a gilashin, komai ya koma dishi-dishi. A ɗora yatsa a kan gurbin a riƙe har sai alamar AE/AF LOCK ta fito, in ba haka ba da ludayi ya shigo waya za ta bi shi ta bar tandar.

Fitowa ta 2 (0:04 zuwa 0:12)

HOTO: Waya ta ja baya a hankali. Gurabu duk sun cika. Hannun Inna Rabi da lalle yana bin su da mai. Tururi na tashi, rana na ratsa shi.
SAUTI: Suyar na ci gaba. Can ƙasa-ƙasa, ƙarar itace yana ci.
MURYA: Kai da ka fito ba ka karya ba, tsaya. Ka ji wannan ƙarar? Daga Ƙofar Ƙaura take.
RUBUTU: Masar Inna Rabi

Fitowa ta 3 (0:12 zuwa 0:24)

HOTO: Kurkusa sosai. Bakin cokali ya shiga gefen masa, ya ɗaga, ya juya ta. Bayanta ya bayyana jawur, gefen ya yi ƙamas. A rage gudu zuwa rabi daidai lokacin juyawar. Ta biyu, ta uku, da saurin da Inna ta saba.
SAUTI: Ƙarar cokali a jikin tanda, ƙwas, sai sabuwar cuuu duk juyi.
MURYA: Shinkafa ta kwana a ruwa. Ƙullu ya tashi a kan lokacinsa, ba a yi masa gaggawa ba. Dubi bayanta.

Idan masa ta yi ja a waje amma aka juya ƙullu ya malalo da yawa daga ciki, wuta ta yi yawa. A janye itace ɗaya a dakata. Idan ta kwanta ba ta kumbura ba, ƙullun ya yi ruwa ko bai tashi ba. Idan tsami ya yi masa yawa a ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan, don da ta zarce cikin masar zai sauya launi, kuma fitowa ta gaba tana bukatar cikin masar ya fito fari tas.

Fitowa ta 4 (0:24 zuwa 0:35)

HOTO: Hannaye biyu sun ɗauki masa ɗaya da ta sauka yanzu. Sun raba ta a hankali a gaban baƙin zanen. Ɓawon ya tsage, cikin ya buɗe fari tas da ƙananan ramuka, tururi ya fito. Yatsa ya danna tsakiyar, ta lotsa, ta dawo.
SAUTI: Ƙaramar ƙarar ɓawon yana rabuwa. Murya ta yi shiru na daƙiƙa 3.
MURYA: Waje rumus. Ciki luɓus, kamar auduga.

A nan za a ɓata lokaci mafi yawa, kuma ya cancanta. A ware masa 10 domin wannan fitowa kaɗai. Kowace sau ɗaya ake raba ta, kuma tururinta ba ya daɗewa a sanyin nan, don haka waya ta riga ta fara ɗauka kafin a cire masar daga tanda. A rage hasken hoton kaɗan ta jan yatsa ƙasa a kan fuskar waya, saboda fari yana ƙonewa a hoto, ramukan nan da ke nuna laushi su ɓace. Mai rabawa ya yanke farce, ya cire zobe, ya goge man hannunsa. Mai kallo yana lura da hannun da ya taɓa abincinsa fiye da yadda ake zato.

Ƙarar ɓawon ba za ta shiga tare da hoto ba. Bayan an gama, a shiga ɗaki a rufe ƙofa, a raba wasu masa uku dab da bakin waya, a ɗora ƙarar a wurin haɗawa.

Fitowa ta 5 (0:35 zuwa 0:48)

HOTO: Murfin tukunya ya ɗaga. A bar tururin farko ya wuce kafin waya ta leƙa, kada ya lulluɓe gilashin. Miyar taushe tana tafasa a hankali, kabewa ta narke, alayyafo kore shar a sama. Bilki ta nutsa ludayi, ta ɗago da tsokar naman rago da ƙashi, miya na zuba daga gefe.
SAUTI: Ɓul-ɓul na tafasa. Ƙarar murfi da aka ajiye.
MURYA: Taushe ce ta kabewa da gyaɗa, daddawa ta ji, yakuwa ta ɗan taɓa ta. Naman rago ne, ya dahu har yana barin ƙashi.

Ganye na dafewa idan ya daɗe a wuta, miyar ta yi duhu a hoto. Bilki ta riƙe alayyafo cikin hannu biyu, ta zuba minti 3 kafin ɗauka. Manjan da ya taso sama a juya shi ya shige, kada ya kwanta kamar tafki.

Fitowa ta 6 (0:48 zuwa 0:56)

HOTO: Daga sama. Farantin tangaran mara zane, masa 5 a jere. Miya ta sauka a gefe ɗaya, ba a binne masar ba. Cokalin man shanu ya narke a kai. Yatsu uku sun barbaɗa yajin ƙuli daga sama.
SAUTI: Zubar miya, sai shiru.
RUBUTU: Masa 5, miya da nama: ₦1,500

Abin da ke cikin farantin nan shi ne abin da mai ₦1,500 zai samu in ya zo. Kada a ƙara tsoka ko ɗaya don hoto. Katsina gari ne da aka san juna. Wanda ya zo ya ga an rage masa zai faɗa a majalisa kafin azahar.

Fitowa ta 7 (0:56 zuwa 1:07)

HOTO: Malam Sada a kan benci. Ya gutsuro masa, ya dangwali miya, ya kai baki. Waya ta tsaya a hannunsa, sannan ta hau fuskarsa bayan ya haɗiye. Ba a nuna tauna.
MALAM SADA: Bismillah. (Ya ci, ya ɗan girgiza kai.) Inna, yau ma hannun nan bai canza ba. Ƙaro mini biyu.
INNA RABI: (Ba ta ɗago daga tanda ba, tana murmushi.) To Malam, ga su nan tafe, masu zafi. Bilki, miƙa wa Malam.
BILKI: To, Inna.

Kada a ba Malam Sada takarda ya haddace. A gaya masa ma'anar, ya faɗa da bakinsa. Kuma kada ya karya a gida. Mai yunwa ba ya bukatar a koya masa yadda ake cin masa. Idan babur ya wuce a tsakiyar maganar, a sake. A sa wa makirufo ɗan soso saboda iskar hunturu, a roƙi mai cajin waya na kusa ya kashe janareta na minti 10.

Fitowa ta 8 (1:07 zuwa 1:15)

HOTO: Rumfar gaba ɗaya, karo na farko, yadda mai zuwa zai gane ta daga titi: koren labule, benci biyu, kwandon masa a rufe. Sai a koma gurbin tanda na farko. Ludayi ya sake shigowa.
MURYA: Inna Rabi, Ƙofar Ƙaura, kullum daga ƙarfe bakwai har ƙullu ya ƙare. Ta biki ko ta suna, a turo saƙo kwana biyu kafin ranar.
RUBUTU: Ƙofar Ƙaura, Katsina. 7:00 na safe kullum. Odar biki da suna: a turo saƙo a wannan shafi.
SAUTI: Cuuuu! A yanke hoton a tsakiyar ƙarar, yadda in bidiyon ya sake farawa zai haɗe da fitowa ta 1.