Darasin Turanci na 'Yan Aji Shida: -ing ko to Bayan Aikatau?

Ɗalibaina, ga darasin da muka faro ranar Laraba, na rubuto muku shi cikakke don ku kwafe a littafi. Masu shirya tambayoyin WAEC da JAMB suna son wannan wuri, kuma ba na son ɗayanku ya rasa maki a kansa.

Idan aikatau biyu suka biyo juna a Turanci, na biyun yakan ɗauki -ing a ƙarshe, wanda littafinku ya kira *gerund*, ko ya zo da *to* a gabansa, wato *infinitive*. Aikatau na farko ne ke zaɓa, ba kai ba.

Akwai waɗanda -ing kawai suke karɓa: *enjoy, avoid, finish, mind, deny, admit, suggest, keep, consider, risk*. Sai a ce *She enjoys cooking*, *He denied taking the money*. Ku kula da *suggest*, don shi ya fi kayar da mutane. *He suggested to go* kuskure ne, daidai shi ne *He suggested going*. Wasu kuma sai *to*: *want, decide, hope, promise, refuse, agree, plan, manage, fail*, kamar *They refused to pay*. Waɗannan haddacewa ake yi, amma ga abin da zai taimaka: yawancin masu *to* suna hangen abin da bai faru ba tukuna, buri ne ko niyya ko alkawari. Na ce yawanci, ban ce duka ba.

*Begin, start* da *continue* ba su da rigima. *It started raining* da *It started to rain* duk ɗaya ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: aikatau masu karɓar -ing da *to* duka biyun, amma ma'anar ta bambanta. Mu fara da *stop*, domin Hausa ma tana da wannan bambanci. *Musa stopped eating* na nufin Musa ya daina cin abinci, ya tsame hannu daga kwano. *Musa stopped to eat* kuwa, tafiya yake yi ko wani aiki, sai ya tsaya don ya ci. A ta farko cin ne ya ƙare, a ta biyu yanzu ma za a fara shi. Wanda likita ya hana shan taba, idan ya ce *I stopped to smoke*, ya tona wa kansa asiri bai sani ba.

*Remember, forget* da *regret* rukuni ɗaya ne, kuma lokaci ne ke raba su. Ka tambayi kanka: wanne ya riga, aikin ko tunawar? *I remember locking the shop*: na riga na kulle shagon, yanzu ina tuna sa'ad da nake murza makulli. *Remember to lock the shop*: ba a kulle ba tukuna, ana jan kunnenka ne kar ka manta. Haka *She forgot to pay the fees*, ba ta biya ba sam, ta sha'afa. Amma *I will never forget meeting him*, haɗuwar ta auku, kuma ba za ta gushe daga zuciya ba. *I regret selling the farm* nadama ce kan gonar da aka riga aka sayar. *We regret to inform you* kuwa salon wasiƙar ofis ne, ana shirin ba ka labari marar daɗi.

*Try* na buƙatar natsuwa. *He tried to open the door*: ya yi ta fama da ƙofar, wataƙila ma ba ta buɗu ba. *He tried opening the door*: ɗakin ya yi zafi, sai ya buɗe ƙofar don ya ga ko iska za ta shigo. Buɗewar ba ta ba shi wuya ba, gwaji ne kawai. Ƙoƙari da *to*, gwaji da -ing.

Saura uku, a gurguje. *I meant to call you*, na yi niyyar kiranka. *Passing means reading every night*, cin jarrabawa na nufin karatu kowane dare. *He went on talking*, ya ci gaba da maganar da yake yi. *He went on to talk about fees*, ya gama wata magana ya shiga batun kuɗin makaranta. *I need to wash*, ni zan yi wankin. *The shirt needs washing*, rigar ce ke son a wanke ta.

Sai wani tarko da nake gani kusan a kowace wasiƙar da kuka rubuta: *I look forward to hear from you*. Wannan *to* ɗin ba na *infinitive* ba ne, irin wanda suna ke bi ne, don haka sai -ing: *I look forward to hearing from you*. Haka *I am used to waking early*, na saba da sammako, ya bambanta da *I used to wake early*, da can ina yi, yanzu na bari.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla biyu-biyu da *stop, remember, try, regret* da *go on*, ɗaya da -ing ɗaya da *to*, ya sa ma'anar kowacce da Hausa a ƙarƙashinta. Kar a kwafo misalaina. Shugaban aji ya tattara littattafan ya kawo min ofis ranar Litinin kafin ƙarfe 8.