Sanarwar Rashin Lafiya da Roƙon Canjin Wurin Aiki na Ɗan Lokaci

Zuwa ga Hajiya, Shugabar Gidan Abinci,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa likita ya gwada jinina ranar Litinin, ya tabbatar ina ɗauke da zazzaɓin taifod, kuma na fara shan magani. Cutar tana yaɗuwa ta abinci da ruwan da gurɓataccen hannu ya taɓa, ni kuwa aikina yanka latas da kabeji ne da haɗa zoɓo, waɗanda ba a ɗora su a wuta kafin su kai ga masu saye.

Saboda haka ina roƙon a ɗauke ni daga kicin, a mayar da ni rubuta lissafin kaya a ofis, har sai gwajin bayan gida ya nuna na rabu da ƙwayar cutar, domin tana iya saura a jiki bayan zazzaɓin ya sauka. Takardar likita tana haɗe da wannan wasiƙa.

Na gode, Hajiya.

Ma'aikaciyarki,
Rabi