Takardar darasi: tabbatar da dokar sayin ta hanyar girman fili da ta da'ira

Wannan ta 'yan SS2 ce na darasin yamma a Agege, musamman masu shirin WAEC. Ku zo da rula, kamfas, fensir da kalkuleta.

A alwatika ABC, gefen da ke fuskantar kusurwa A shi ne a, wato BC. Haka b shi ne CA, c kuma AB. Ku riƙe wannan da kyau, domin mafi yawan kurakuran da muke gani a littattafanku daga wajen sa sunan gefe suke farawa. Abin da za mu tabbatar shi ne:

a / sin A = b / sin B = c / sin C

Ta girman fili

Kun san girman filin alwatika shi ne rabin gindi sau tsayi. Ku ɗauki BC a matsayin gindi. Daga A ku sauke layi ya faɗo a tsaye kan BC, ya yi digiri 90 da shi, ku kira inda ya sauka H, tsawonsa kuma h. Yanzu kun sami ƙaramar alwatika AHC mai kusurwar digiri 90, wadda b ne gefenta mafi tsawo. Saboda haka sin C = h / b, wato h = b sin C. Sai fili ya zama ½ ab sin C.

Idan C ta wuce digiri 90, H ba zai sauka tsakanin B da C ba, sai kun ja BC gaba ya zarce C tukuna. Kusurwar da ke cikin ƙaramar alwatikar a lokacin ita ce 180° − C, to amma sin(180° − C) = sin C, don haka h bai canza ba. Duk wanda ya tsallake wannan layi ya tabbatar da dokar ne ga wasu alwatiku kawai, kuma mai duba takarda yana da damar rage masa maki.

Ku juya alwatikar, ku sake aikin da CA a matsayin gindi, sannan da AB. Filin dai guda ne, ko ta ina aka auna shi:

½ bc sin A = ½ ca sin B = ½ ab sin C

Ku ninka ko'ina da 2, ku raba da abc. Raba ɗin halas ne tunda babu gefen da tsawonsa sifili ne. Abin da ya rage shi ne sin A / a = sin B / b = sin C / c. Ku kifa kowanne, sama ya koma ƙasa, kun sami dokar. Kifawar ma ta halatta, domin kowace kusurwar alwatika tana tsakanin 0° da 180°, sayin ɗinta ba ya zama sifili.

Hanyar gajeriya ce, ita muke ba ku shawarar rubutawa idan lokaci ya ƙure. Sai dai ta nuna cewa ukun daidai suke ba tare da ta faɗi ko nawa ne ba. Da'ira ce ke faɗin wannan.

Ta da'ira

Kowace alwatika tana da da'ira guda ɗaya da ta ratsa A, B da C. Wajen zana ta, ku raba gefe biyu gida biyu da kamfas, kowanne da layin da ya tsaya masa a digiri 90. Inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya, O. Nisa daga O zuwa A shi ne R. Ku ɗaure kamfas sosai, in ya yi sako-sako da'irar za ta kuskure B ko C, zanen ya ruɗa ku.

Ku kalli BC kamar tsirkiya, ɓangaren da'irar da ta yanke kuma kamar baka. Ba kwatance ne na banza ba: masana lissafin Indiya da tsirkiya suka kira sayin, kalmar ta shiga Larabci, daga baya aka karanta ta a matsayin jaib, wadda daga ita muka samo aljihu.

Daga B ku ja layi ya bi ta O ya ɓulle a ɗaya gefen da'irar, ku kira wurin D. BD diyamita ne, tsawonsa 2R. Ku haɗa D da C. Kusurwar da ke cikin rabin da'ira digiri 90 ce, don haka BCD = 90°, kuma sin D = BC / BD = a / 2R. Saura mu danganta D da A, kuma a nan hali uku ne.

Idan A ba ta kai 90° ba, O yana gefe ɗaya na tsirkiyar da A, shi ma D haka. Kusurwoyin da suka tsaya kan tsirkiya ɗaya a gefe ɗaya daidai suke, don haka D = A, sin A = a / 2R. (In D ya faɗo kan A ɗin kansa, ba komai, aikin ya ma fi sauƙi.)

Idan A = 90°, BC da kansa ne diyamita, D ya faɗo kan C, babu alwatikar da za a zana. Ba a kuma buƙatarta: a = 2R, sin A = 1.

Idan A ta wuce 90°, A da D suna fuskantar juna, tsirkiya na tsakaninsu. A, B, D, C sun zama siffa mai gefe huɗu a cikin da'ira, kusurwoyinta masu fuskantar juna kuma jimlarsu 180° ce. Kenan D = 180° − A, sin D = sin A. A nan ne ɗalibai suke rubuta D = A don sabo. Ku dubi zanen, D a tsuke take, A a buɗe, ba yadda za su zo daidai.

A duk halin uku a / sin A = 2R. Babu abin da ya keɓanci A a wannan hujja, ana maimaita ta ga B da C:

a / sin A = b / sin B = c / sin C = 2R

In kuka sa sin C = c / 2R cikin ½ ab sin C, fili zai fito abc / 4R. Nasiruddin al-Tusi, wanda ya rayu daga 1201 zuwa 1274, ya rubuta dokar ya kuma tabbatar da ita a ƙarni na 13.

Gwaji da lambobi

Mutum biyu suna bakin ruwa a Oworonshoki, a A da B, mita 200 tsakaninsu, suna hangen kwalekwale a C wajen gadar Third Mainland. An auna A = 65°, B = 75°, sai C = 40°. Gefen da muka sani c ne, abokinsa sin 40°, wato 0.6428. 200 / 0.6428 ya ba da kusan 311.1, diyamitan da'irar kenan. To a = 311.1 × 0.9063, kusan mita 282, b = 311.1 × 0.9659, kusan mita 300.5. Gefe mafi tsawo ya fuskanci kusurwa mafi girma, alamar ba a yi musayar a da b ba. In amsarku ta fito da alamar ragi, ku duba fuskar kalkuleta, wataƙila tana kan RAD maimakon DEG.

Wannan sin(180° − A) = sin A da ya cece mu sau biyu yana da nasa tarkon idan kusurwa ake nema. A ce a = 6, b = 8, A = 40°. Sai sin B = 8 × 0.6428 / 6 = 0.8571. Kalkuleta za ta ce B kusan 59° ta yi shiru, alhali 121° ma sayin ɗinta ɗaya ne, kuma 40° da 121° ba su kai 180° ba, don haka alwatika biyu ne suka cika sharaɗin. Ku rubuta duka biyun.

Aikin gida, a kawo ranar Asabar: ku zana waɗannan alwatiku biyu da santimita, kowacce da da'irarta, ku auna diyamita da rula. Ya kamata duka biyun su ba ku kusan 9.3, wato 6 / 0.6428.